Wa Ya Sayar, Wa Ya Soke? Tsara Matsayin Mai Shago, Manaja, Kashiya da Mai Sito a Manhajar Cinikin Ƙaramin Shago

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda ya kamata a raba izini tsakanin mutane huɗu da ke amfani da manhajar ciniki a ƙaramin shago: mai shago, manaja, kashiya da mai kula da sito. Hujjarta ita ce bai kamata a tsara matsayin nan bisa girman muƙami ba, ta yadda na sama zai gaji duk abin da na ƙasa ke iya yi. Kamata ya yi a fara da ware ayyukan da ke warware lissafin da aka riga aka rubuta, kamar soke ciniki, mayar da kuɗi da gyara adadin kaya, sannan a tabbatar babu mutum ɗaya da zai iya neman irin wannan aiki kuma ya amince da shi da kansa. An kawo misalin shagon kayan masarufi don nuna yadda ɓarna ke faruwa, yadda ake gano ta, da inda tsarin ke gazawa.

1.0 Gabatarwa

Abin da ake nufi da manhajar ciniki a nan ba ƙaramar na'urar cire kuɗi da kati ba ce, wadda aka saba gani a bakin titi. Ana nufin manhajar da ke kan kwamfuta ko waya a teburin kashiya, wadda ke rubuta abin da aka sayar, ta fitar da rasit, ta rage adadin kayan da ke sito, kuma ta faɗi nawa ya kamata a tarar a durowar kuɗi idan an tashi. Manyan kantuna da shagunan magani da na kayan masarufi a Kano da Kaduna da sauran biranenmu sun rungumi irin wannan manhaja, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da biya ta taransifa ya yawaita har lissafin littafi ya fara yi wa masu shaguna wuya.

Sai dai abin da aka fi gani shi ne a saka manhajar, a buɗe asusu ɗaya mai cikakken iko, kowa a shagon ya haddace lambar sirrinsa. A irin wannan yanayi manhajar tana iya faɗin abin da ya faru, amma ba ta iya faɗin wanda ya yi shi. Idan kuɗi ko kaya suka yi ƙasa, zargi kan faɗa kan kowa, kuma yakan fi nauyi a kan ƙaramin ma'aikaci wanda ba shi da bakin kare kansa. Inda aka ɗan ci gaba kuwa, akan jera matsayin kamar matakala: kashiya a ƙasa, manaja yana da duk ikon kashiya da na mai sito da ƙari, mai shago yana da komai. Takardar nan za ta nuna cewa wannan tsari na biyu ya fi na farko kyau, amma ya bar babbar ƙofa a buɗe.

2.0 Tushen nazari

Matsalar ta girmi kwamfuta. A 1879 James Ritty, mai gidan sayar da abin sha a Dayton ta jihar Ohio a Amurka, ya ƙirƙiro injin rubuta ciniki saboda yana zargin kuɗin cinikinsa na maƙalewa a hannun ma'aikata. Manufar injin ita ce kowane ciniki ya bar alamar da mai karɓar kuɗin ba zai iya gogewa ba. Wannan manufa ce manhajar yau ta gada.

A fannin tsaron kwamfuta, ka'idoji uku ne suka shafe mu. Ta farko ta fito a maƙalar Jerome Saltzer da Michael Schroeder ta 1975, cewa a ba kowane mai amfani mafi ƙarancin izinin da zai ishe shi yin aikinsa. Ta biyu ta fito daga David Clark da David Wilson a 1987, waɗanda suka nuna cewa damuwar 'yan kasuwa ta bambanta da ta sojoji: soja yana tsoron fallasar sirri, ɗan kasuwa kuwa yana tsoron a sauya masa lissafi, don haka maganinsa shi ne raba aiki ɗaya tsakanin mutum biyu. Ta uku ita ce tsarin ba da izini ta hanyar matsayi, wanda aka sani da RBAC. David Ferraiolo da Richard Kuhn na hukumar NIST ta Amurka sun fayyace shi a 1992, Ravi Sandhu da abokan aikinsa suka faɗaɗa shi a 1996, sannan ya zama ma'aunin ANSI a 2004. A wannan tsari ba mutum ake ba izini kai tsaye ba. Matsayi ake ba, sai a ɗora mutum a kan matsayin, in ya bar aiki a sauke shi.

Ma'aunin ya bambanta rabon aiki iri biyu, kuma bambancin yana da amfani ƙwarai ga ƙaramin shago. Akwai rabo na dindindin, inda ba a yarda mutum ɗaya ya riƙe wasu matsayi biyu ba kwata-kwata. Akwai kuma rabo na lokacin aiki, inda mutum zai iya riƙe matsayin biyu, amma ba zai yi aiki da su a zama ɗaya ba. Shagon da ke da ma'aikata huɗu ko biyar ba zai iya dogara da na farkon kaɗai ba, domin kullum akwai wanda ya tafi banki, ko ya yi rashin lafiya, ko aka yi masa rasuwa.

3.0 Shagon misali da ayyukansa masu haɗari

Mu ɗauki shagon kayan masarufi mai sayar da sari da ɗai-ɗai, mai teburin kashiya ɗaya da sito a baya. Mai shagon yakan leƙo da safe da yamma. Akwai manaja, da kashiya biyu masu karɓa-karɓa, da mai sito ɗaya. Shagon da duk alƙaluman da za a kawo a kansa misali ne da aka tsara don bayani.

A kowane shago abubuwa uku ne ke tafiya tare: kaya, kuɗi da lissafi. Kaya suna hannun mai sito, kuɗi suna hannun kashiya, lissafi yana cikin manhaja. Ɗaukar kuɗi ko kaya kaɗai ba ya ɓoyuwa, domin lissafi zai tona. Ɓarnar da ke daɗewa ba a gano ba ita ce wadda aka ɗauki abu, sannan aka gyara lissafi ya dace da abin da ya rage. Saboda haka mai tsara manhaja ya fara da tambayar waɗanne ayyuka ne ke rage abin da manhajar ke sa ran a tarar.

Idan aka bi wannan tambaya, ayyukan ba su da yawa. A ɓangaren kuɗi akwai soke cinikin da aka riga aka biya, mayar wa mai saye kuɗinsa, yin ragi, da sauya hanyar biya daga tsabar kuɗi zuwa taransifa bayan an rufe rasit. A ɓangaren kaya akwai gyara adadi da sunan lalacewa ko ƙarewar wa'adi, da rubuta kayan da aka kawo ƙasa da yadda suka zo. Sai kuma biyu da suka shafi duka ɓangarorin: sauya farashi, da bayar da bashi ko yafe shi. Sauran ayyukan, irin su duba farashi da buga rasit, babu illa idan kowa ya yi su. Waɗannan takwas ɗin su ne inda ya kamata a kashe tunani.

Akwai bambanci guda da ya kamata manhaja ta kiyaye. Cire wani kaya daga jerin ciniki kafin a biya abu ne na yau da kullum, domin mai saye kan duba kuɗinsa ya ce a ajiye masa sabulun. Idan aka ce sai manaja ya zo kafin a yi wannan, layi zai yi tsawo, kuma kafin mako ya zagayo manajan zai gaji ya ba kashiya lambarsa. Don haka a bar wa kashiya wannan, a dai rubuta shi. Soke ciniki bayan kuɗi sun shiga durowa shi ne aikin da ke buƙatar mutum na biyu.

4.0 Matsayin huɗu

Kashiya tana buɗe zangon aikinta da kuɗin canji da aka ƙirga a gabanta, tana sayarwa, tana karɓar kuɗi. Za ta iya yin ragi kaɗan, domin a kasuwarmu mai saye ba ya rabuwa da neman a rage masa, kuma manhajar da ta hana ragi gaba ɗaya za ta sa a riƙa yin sa a bayan fage. A shagon misalinmu an ba ta har kashi 2 cikin ɗari a kan rasit ɗaya, tare da iyakar jimillar ragin da za ta iya yi a zango guda, don kada ƙananan ragi su taru su zama babba. Ba ta ganin farashin da aka saro kaya, ba ta taɓa adadin kaya. Sokewa da mayar da kuɗi kuwa, nema kawai take yi.

Muhimmin abu a matsayinta shi ne yadda take rufe zango. Ta ƙirga abin da ke durowa ta shigar, ba tare da manhajar ta fara nuna mata nawa ake sa rai ba. A ce ta fara da canjin naira 10,000, ta yi cinikin tsabar kuɗi na 214,000, aka mayar wa wani 6,000 da amincewar manaja, kuma da rana manaja ya ɗebi 150,000 ya kai banki, su biyun suka tabbatar a manhaja. Abin da ya kamata a tarar shi ne 68,000. Idan ta shigar da 66,500, an sami giɓin 1,500, wanda zai iya zama kuskuren canji. Idan kuwa ta shigar da 74,000, rarar 6,000 ɗin ta fi giɓin buƙatar bincike, domin tana iya nuna an karɓi kuɗin wani ciniki ba a buga shi ba. Da tana ganin 68,000 tun farko, da rarar ba za ta taɓa bayyana ba.

Mai sito yana karɓar kaya daga dila, ya ƙirga, ya shigar da abin da idonsa ya gani. Ba shi ne ke rubuta odar ba, kuma ba shi ke biyan dila ba. Ta haka ake samun shaidu uku masu zaman kansu: odar da manaja ya rubuta, adadin da mai sito ya karɓa, da takardar kuɗin da dila ya kawo. Mai shago ba zai biya ba sai ukun sun dace. Shi ma mai sito yana ƙidayar kaya ba tare da ganin adadin manhaja ba, kuma idan buhun sukari ya jiƙe ko madara ta wuce wa'adi, zai nemi a rage adadin, ya zaɓi dalili daga jerin da aka tanada, wani ya zo ya gani da ido kafin ya amince. Ba ya sayarwa, ba ya taɓa durowa. Wannan haɗin, na kashiya da mai sito, shi ne wanda ya cancanci rabo na dindindin, domin wanda ya riƙe kuɗi da kaya tare yana iya ɓoye giɓin ɗaya a cikin ɗayan.

Manaja aikinsa amincewa ne da sa ido. Yana amincewa da sokewa da mayar da kuɗi da gyaran adadi, yana iya ragi har kashi 10 cikin ɗari muddin bai sauka ƙasa da farashin da aka saro kayan ba, yana rubuta oda, yana ganin rahoton yini. Gyaran adadin da darajarsa ta wuce iyaka, a ce naira 30,000, sai ya haura wa mai shago. Ba ya buɗe wa kowa asusu, domin wanda ke iya ƙirƙirar ma'aikaci yana iya ƙirƙirar na bogi ya riƙa amince wa kansa ta hannunsa.

Mai shago shi ke buɗe asusu da rufewa, shi ke sa farashi, shi ke ƙayyade wanda za a ba bashi da iyakar bashin, shi kaɗai ke yafe shi. Shi ne kuma ke gwada taransifar da aka rubuta da bayanan asusun banki, domin saƙon alat na waya ana iya ƙirƙirar na bogi. A manhaja, rabon zai yi kama da haka:

```
cashier: sale.create, void.request, refund.request, shift.count
stock:   goods.receive, stock.count, adjust.request
manager: void.approve, refund.approve, adjust.approve, order.create
owner:   user.manage, price.set, debt.writeoff, adjust.approve, log.read
```

Abu ɗaya ne ba a ba kowa ba, har da mai shago, wato goge rajistar ayyuka. Kuskure ba a share shi, ana rubuta wani layi ne da ke warware shi, mai ɗauke da suna da lokaci da dalili. Wasu masu shaguna kan ji wannan kamar raini ne, tunda dukiyarsu ce. Amsar ita ce asusun mai shago shi ne wanda aka fi kwaɗayin sacewa, kuma idan yana iya goge rajista, duk wanda ya leƙa lambarsa ya sami wannan ikon. Haka nan idan maigida ya ce a kai buhun shinkafa gida, ko a ba wani ɗan'uwa katan ɗin mai, dole a sami gurbin rubuta wannan a matsayin kayan da mai shago ya fitar. In ba haka ba, ranar ƙidaya mai sito ne zai amsa tambaya a kan kayan da bai ci ba.

5.0 Matsalar manaja

Tsarin RBAC ya yarda babban matsayi ya gaji izinin ƙarami, kuma wannan yana rage wa mai tsarawa aiki. Amma a duba abin da gadon zai haifar a nan. Manajan da ya gaji kashiya da mai sito zai iya buga ciniki, ya karɓi kuɗin, ya nemi a soke, ya amince da sokewar, sannan ya gyara adadin kayan ya dace. Ya kammala zagayen shi kaɗai, ba tare da ya karya wata doka ta manhajar ba, kuma duk rahoton da zai kai wa mai shago zai fito daidai. Ba zargin manajoji ake yi ba. Manaja mai gaskiya ma yana cutuwa da wannan tsari, domin ranar da wani abu ya ɓace ba shi da hujjar cewa ba zai iya yi ba.

A gefe guda kuma, ba za a ce manaja ba zai taɓa zama a teburin kashiya ba. Ranar da kashiya ɗaya ba ta zo ba, ko kasuwa ta cika gab da Sallah, dole ya karɓa. A nan ne rabo na lokacin aiki ke da amfani. Manaja yana riƙe da matsayi biyu, amma lokacin shiga manhaja sai ya zaɓi ɗaya. Idan ya shiga a matsayin kashiya, zai buɗe nasa zangon da nasa kuɗin canji, kuma ikonsa na amincewa ya tsaya har ya rufe. Wannan kaɗai bai isa ba, domin zai iya fita ya sake shiga a matsayin manaja ya amince da abin da ya nema ɗazu. Don haka ana ƙara doka a kan cinikin kansa, a cikin rumbun bayanai:

```sql
CHECK (approved_by IS NULL
       OR approved_by NOT IN (requested_by, sold_by))
```

Ma'anarta ita ce wanda ya amince da sokewa ba zai zama wanda ya nema ko wanda ya sayar ba. Dole lambobin nan su kasance na mutum, ba na asusu ba, domin idan mutum ɗaya yana da asusu biyu dokar ta zama banza. Kuma dole a tilasta ta a rumbun bayanai ko a uwar garke. Ɓoye maɓallin sokewa daga fuskar kashiya ado ne kawai, idan har manhajar za ta karɓi umarnin sokewar daga duk inda ya fito.

Saura tambayar abin da za a yi idan babu mai amincewa a kusa, ko an ɗauke wuta, ko sabis ya yanke. Mai saye yana tsaye, ba zai jira maigida ya dawo daga tafiya ba. Mafita ita ce a bar kashiya ta rubuta buƙatar ta sallami mai saye, amma buƙatar ta zauna a jerin masu jiran amincewa, a haɗa ta da rasit ɗin asali da aka karɓo, a ajiye kayan da aka dawo da su a gefe. Har sai an amince, manhajar ba za ta rage kuɗin da take sa rai a durowa ba, kuma ba za ta mayar da kayan cikin adadin sito ba. Ciniki bai tsaya ba, nauyin kuma yana kan wadda ta nema har mutum na biyu ya gani.

6.0 Katan uku na taliya

A ranar Asabar mai sito ya ƙirga taliya ya shigar da katan 25. Manhaja ta ce an fara mako da 40, an karɓi 60, an sayar da 72, don haka ya kamata a tarar da 28. Giɓin katan 3 ne, a kan naira 18,500 kowanne, jimilla 55,500. Durowar kuɗi kuwa ta dace a duk kwanakin makon.

A shagon da kowa ke amfani da asusu ɗaya, a nan bincike zai tsaya. Kuɗi sun cika, kaya sun yi ƙasa, saboda haka ido zai koma kan mai sito, wataƙila a cire masa a albashi. Idan kuwa shi ke da ikon gyara adadi da kansa, zai iya rubuta cewa ɓera ya ɓata katan uku don ya tsira da mutuncinsa, maganar ta mutu, alhali ba a gano komai ba.

A shagon da aka tsara matsayi, mai shago zai bi matakai. Da farko ya sa a sake ƙidaya a gaban manaja, a duba ko an buga wata taliyar da sunan wata, wanda zai nuna rara a wani kayan mai kama da ita. Sannan ya gwada katan 60 da aka karɓa da oda da takardar dila. Idan duk sun dace, sai ya buɗe rajista ya tace duk wani motsi da ya shafi taliya a makon. A misalinmu ya tarar an buga cinikin katan 75, an soke uku. Kowanne cikin ukun katan ɗaya ne, an biya da tsabar kuɗi, an soke shi mintuna kaɗan bayan biya, a zangon kashiya ɗaya. Abin da ya faru ya fito fili: mai saye ya biya ya tafi da kayansa bai damu da rasit ba, aka soke cinikin, manhaja ta rage 18,500 daga abin da take sa rai a durowa kuma ta mayar da katan ɗin sito a lissafi, kuɗin suka shiga aljihu. Shi ya sa durowa ta dace, sito ya yi giɓi.

Amma duka sokewar uku suna ɗauke da amincewar manaja. Da aka duba lokutan, biyu sun faɗo a sa'ar da takardar banki ta nuna yana can yana ajiye kuɗi, ta ukun kuma ranar Juma'a ce da ƙarfe biyu saura, yana masallaci. Manajan bai ci kuɗin ba, amma ya taɓa faɗa wa kashiyar lambarsa wata rana da aiki ya yi masa yawa. Darasin a nan biyu ne. Rabon matsayi bai hana ɓarnar ba, amma ya wanke mai sito, ya kuma taƙaita binciken zuwa layi uku. Sannan raunin ba a rabon izini yake ba, a hanyar tabbatar da mai amincewa yake. Gyaran shi ne amincewa ta riƙa fitowa daga wayar manajan kansa ko da zanen yatsansa, maimakon lamba huɗu da ake bugawa a gaban kashiya, kuma kowace sokewa bayan biya ta aika wa mai shago saƙo nan take.

Ba sai an jira ƙidaya ba kafin a ga irin wannan. Rahoton mako mai nuna yawan sokewa da ragi na kowace kashiya, idan aka gwada da yawan cinikinta, yana nuna wadda ta yi fice. Sokewar da ke zuwa kullum a kan tsabar kuɗi ba a kan taransifa ba, ko wadda ke taruwa a lokacin sallah da cin abinci, ko amincewar da ta zo daƙiƙa biyu bayan nema, duk alamu ne da ya kamata a bi. Alama dai ba hukunci ba ce, dalilin yin tambaya ce.

7.0 Iyakokin tsarin

Akwai abubuwa uku da rabon matsayi ba ya maganinsu. Na farko shi ne haɗin baki: idan kashiya da manaja suka shirya, dokar mutum biyu ta faɗi, sai dai ƙidayar ba-zata da mai shago zai yi da kansa a kan 'yan kayayyaki masu tsada da saurin tafiya. Na biyu shi ne cinikin da ba a buga ba sam, wanda manhaja ba ta san da shi ba. Maganinsa shi ne a saba wa masu saye da karɓar rasit, kuma mai sito kada ya fitar da katan ko buhu sai ya ga rasit ya yi masa alama. Na uku shi ne shagon da mutum biyu kaɗai ke tsaronsa, inda ba yadda za a yi a raba matsayi huɗu. A nan mai shago ne zai riƙe duk amincewa, ya kuma duba jerin masu jira kowace yamma.

Akwai kuma kulawar yau da kullum. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki a rufe asusunsa, amma kada a goge shi, domin tarihin cinikinsa yana rataye da sunansa. Wanda aka sauya wa aiki a cire masa tsohon matsayi kafin a ba shi sabo, don kada izini ya taru masa. Jerin masu bashi, da sunayensu da lambobin wayarsu, bayanan mutane ne da dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafa, don haka kashiya ta ga na wanda ke gabanta kawai, ba ta kwafi jerin gaba ɗaya ba.

Wani zai ce duk wannan rashin yarda ne, alhali kasuwancinmu a kan amana aka gina shi, kuma sau da yawa yaran shago 'yan'uwa ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu, tsakanin muminai da suka yarda da juna. Rubutu da shaida ba sa kore amana. Suna kare zumunci ne daga zargin da ba shi da hujja.

8.0 Kammalawa

Takardar nan ta nuna cewa tsara matsayi a manhajar ƙaramin shago yana farawa ne daga ayyukan da ke warware lissafi, ba daga jerin muƙamai ba. Kashiya da mai sito su nema, manaja ya amince, mai shago ya riƙe asusu da farashi da bashi, kada kowa ya iya goge rajista, kuma duk lokacin da manaja ya zauna a tebur ya zama kashiya kamar kowa. Kira ga masu haɗa manhaja shi ne su sa wannan rabon ya zama yadda manhajar ke zuwa tun ranar farko, domin mai shago ba kasafai yake sauya abin da ya tarar ba. Kira ga masu shaguna kuwa shi ne kafin su biya kuɗin kowace manhaja, su sa a buga ciniki ɗaya a gabansu, sannan su ce wanda ya buga ya gwada soke shi shi kaɗai. Idan ya iya, kada su saya sai an gyara.